Albarka a kan riba: me ya hana wasan kwaɗo ba da dariya

A zamanmu na ƙarshe an ɗora wa kowa aiki guda: ya rubuto wasan ban dariya na mutum biyu, wanda bai kai minti ɗaya ba, a kan rashin fahimta wajen ciniki a kasuwa. Cikin waɗanda aka gwada, wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na wani ɗan'uwanmu da muke kira wasan kwaɗo. An yi shi, aka tafa don kara, amma ba wanda ya yi dariyar da ke fitowa daga ciki. Marubucin ya ji haushi, ya ce ƴan wasan ne suka kashe mashi shi. Ni ban yarda ba. Ƴan wasan sun faɗi abin da aka rubuta masu, kuma tunda wannan ne muke son kai wa daren ƙarshen shekara, gara mu faɗa wa juna gaskiya tun muna mu kaɗai. Na roƙi izininsa kafin in rubuta wannan, ya ce in yi, amma kada in ambaci sunansa.

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Wani Bakano ya zo babbar kasuwar Maraɗi neman kwaɗon rufe ɗaki. Suka gaisa da mai tebur, aka tambayi gajiya, aka tambayi iyali, aka tambayi hanya. Baƙon ya ce kwaɗo yake so, mai tebur ya ce ya nufi tabki, nan ba a saida kwaɗi. Da aka warware wannan, sai mai tebur ya ce kuɗinsa ɗari biyar. Baƙon ya miƙa takardar da aka rubuta 500 a kanta, mai tebur ya ce ai dala ɗari biyar yake nufi. Aka yi cacar baki, daga ƙarshe mai tebur ya zauna ya yi wa baƙon bayanin cewa a Nijar dala guda faran biyar ce, baƙon ya ce yau ya ƙaru. Na duba agogon salula: minti ɗaya da sakan arba'in.

Abin da ya gano mai kyau ne, wannan kam dole a ba shi. Lissafin dala taska ce da ke gabanmu kullum ba mu ganinta. Duk wanda ya tashi a nan ya san idan aka faɗi kuɗi da Hausa, dala ake nufi, idan aka faɗa da Faransanci, faran ake nufi. Ashirin ita ce faran 100, hamsin faran 250, ɗari faran 500. Mai wainar bakin lakkwal ba ta taɓa cewa "dala" ba, ashirin kawai take cewa, kuma ba yaron da ya taɓa miƙa mata faran ashirin. Bahaushen da ya fito daga ƙasar naira kuwa abin da ke rubuce a jikin kuɗi shi yake faɗi. Ga mutum biyu, harshe ɗaya, kalma ɗaya, kowa da abin da yake ji, kuma kowa yana da gaskiya a garinsu. Ba a samun tushen wasa da ya fi wannan. Matsalar ita ce yadda ɗan'uwanmu ya kashe sakan sittin ɗinsa.

Mu fara da awo, don minti ɗaya abu ne da ake aunawa. Na sa mutum biyu sun karanta maganganun ciniki da irin saurin da ake yi a dandali, na ga sukan faɗi kalma biyu zuwa biyu da rabi a sakan guda. To amma ba duka sittin ɗin ne na magana ba. Akwai shigowa, akwai ɗaukar kaya, akwai ƙirga kuɗi, kuma idan Allah ya sa aka yi dariya dole a dakata mata, in ba haka ba magana ta gaba ta nutse. Idan ka cire sakan goma sha biyar na waɗannan, saura arba'in da biyar, wato kalma kamar ɗari. Rabin shafin kaye ke nan. Wasan kwaɗo ya ci sakan ashirin da biyu a gaisuwa kaɗai. Na san gaisuwa ɗabi'armu ce, kuma wanda ya tsaya gaban tebur bai yi sallama ba, ba a yi masa kallon kirki. Amma sallama guda ta wadatar, ƴan kallo su cike sauran da kansu. Gaisuwar da za a bari a wasan minti ɗaya ita ce wadda ke ɗauke da wani kaya da za a bukata nan gaba, misali ta sanar da mu cewa wannan baƙo ne.

Sai batun kwaɗon tabki. Na san daga inda ya fito: marubucin ya ji tsoron kada dala ita kaɗai ta kasa, sai ya ƙara mata mataimaki. Amma rashin fahimta biyu a minti guda cin juna suke. Ƴan kallo sun ɗauka wasan na kwaɗo ne, sun shirya ganin inda zai kai su, sai aka yar da shi a sakan na talatin da biyar aka ɗauko wani sabo. Kuma ma wane mai tebur ne ke da kwaɗuna jere gabansa, a ce masa ana son kwaɗo, ya tura mutum tabki? Sai dai in da gangan yake yi, kuma wanda ke yi da gangan ya fahimta sarai, ba'a kawai yake. Idan ƴan kallo suka gane cewa marubuci ne ya mai da mutum wawa don ya samu abin dariya, sun daina yarda da shi.

Kuskure na uku ƙarami ne a ido, amma shi ya fi ci mini rai, don ya nuna ba a saurari kasuwa ba. Ba ɗan Maraɗin da zai ce "ɗari biyar" yana nufin faran 2500. Jikka biyu da rabi zai ce. Lissafin dala tsirara, wanda ake faɗin lamba ita kaɗai, yana tafiya ne har zuwa ƙasa da ɗari biyu. Daga faran 1000 sai jikka ta karɓa, kuma da zarar an ce jikka, baƙo zai tambaya mece ce jikka, asiri ya tonu. Saboda haka duk wanda zai yi wasa da dala yana da shinge: lambobinsa duka su tsaya ƙasa da ɗari biyu. Wannan ba dokar adabi ba ce, dokar bakin mutane ce, kuma a cikin ƴan kallonmu akwai ɗiyan ƴan kasuwa da za su ji tuntuɓen nan take.

Amma ko da an gyara waɗannan uku, da sauran babbar matsala, wadda ita ce ta sa na ɗauki bik. A wasan kwaɗo ƴan kallo ba su san an yi rashin fahimta ba sai lokacin da mutanen cikin wasan suka sani. Har zuwa lokacin da baƙon ya miƙa kuɗi, abin da muke kallo ciniki ne kamar kowane ciniki. Da abin ya fito, sai faɗa, sai bayani. Ke nan rashin fahimtar ta rayu sakan biyu ko uku kacal, sauran duka share fage ne da sharar bayan biki. Dariyar irin wannan wasa tana zuwa ne a lokacin da mu muka sani, su ba su sani ba, muna kallon suna ƙara nutsewa da kowace kalma. Don haka sai a ba ƴan kallo mabuɗin tun sakan goma na farko, a hana mutanen cikin wasan shi har ƙarshe, ko ma a hana su gaba ɗaya.

Sannan akwai tambayar wa ya kamata ya zama baƙon. Baƙo mai saye da ya ɗauka kaya sun yi arha, wannan labari ne da kowa ya taɓa ji a tasha, kowa ya san ƙarshensa. Mu juya shi. A ce baƙon shi ne mai saidawa: yaro ne da ya zo hutu daga Kano, kawunsa ya bar masa tebur ya tafi masallaci, ya rubuta masa kuɗin kowane abu a kwali. Mai saye kuma dattijo ne ɗan gari, gwanin ciniki, wanda ba a taɓa cutarsa ba. Yanzu kuskuren ya koma ta ɗaya gefen: yaron zai faɗi ƙaramin kuɗi, dattijon ya ji babba, ya taya da abin da ya fi kuɗin kayan, yaron kuma ya ce albarka. Ga yadda na sake shi, da kwaɗon nan dai, amma ba tabki:

DATTIJO: Salamu alaikum. Yaro, ina mai tebur?

YARO: Kawu ya tafi masallaci, Baba. Jiya na zo daga Kano.

DATTIJO: Kwaɗon ga nawa?

YARO: (Ya ɗaga kwali, rubutun yana fuskantar ƴan kallo: 150 F) Ɗari da hamsin.

DATTIJO: Ɗari da hamsin? Da ƙyauren aka saida shi? Sittin.

YARO: Albarka.

DATTIJO: Tamanin.

YARO: Albarka, Baba. So kake Kawu ya kore ni?

DATTIJO: Ɗari, don kana baƙo.

YARO: (Ya leƙa wajen masallaci, ya rage murya) Na sallama. Amma kada ka faɗa wa kowa.

(Dattijo ya ajiye takardar 500, ya fizgi kwaɗo, ya juya. Yaro ya dubi kuɗin.)

YARO: Baba! Tsaya! Kuɗin nan ba daidai ba ne!

DATTIJO: (Yana ƙara sauri) Ka riga ka sallama! Ko dala ban ƙarawa!

Maganar da ke ciki ba ta kai kalma saba'in ba. Mun gwada shi sau uku a tsakar gida, ya tsaya tsakanin sakan arba'in da arba'in da biyar, har da bin da yaron ya yi wa dattijon. Akwai sauran wuri na dariya.

Mu bi lissafin a hankali, don a nan wasan yake. Kwali ya ce faran 150, wato dala talatin. Dattijo ya ji dala ɗari da hamsin, faran 750. Tayinsa na farko, sittin, faran 300 ne, ninki biyu na abin da aka nema, yaron kuma ya ji faran sittin ya ce albarka. Wannan albarkar ita ce dariya ta farko, kuma ba a bukatar kowa ya yi wata grimas ko faɗuwa ƙasa kafin ta zo. Tamanin faran 400 ne, yaron ya sake ƙi, har yana tsoron kora. Ɗari faran 500 ne, yaron ya sallama a ɓoye yana ganin ya karyar da kayan kawunsa da faran hamsin. Kowane mataki yana ƙara nisa tsakanin abin da suke ji da abin da ke faruwa, kuma ba mu ƙirƙiro matakan ba, tsarin ciniki ne ya ba mu su kyauta: a faɗi kuɗi, a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Taya uku sun isa. Na farko ya nuna kuskuren, na biyu ya tabbatar da shi, na uku ya rufe. Na gwada sa na huɗu, casa'in, tsakanin tamanin da ɗari, sai na ga masu kallo sun fara duban gefe, don sun riga sun gane, jira kawai suke.

Na zaɓi a tsaya a ɗari da dalili. Faran 500 takarda guda ce ko ƙarfe guda, ana ajiye ta da motsi ɗaya, kuma na bayan ɗaki ma yana iya ganin an ajiye abu guda. Da an tsaya a tamanin, sai dattijo ya tsaya ƙirga ƴan canji, sakan biyar sun tafi, kuma yaron zai ga yawan kuɗin tun dattijo bai juya ba. Wasan na bukatar dattijo ya ba da baya kafin yaron ya duba hannunsa.

Kalmar yaron ta ƙarshe ita ce wadda na fi daɗewa a kanta. Da farko na rubuta "kuɗinka sun yi yawa". Wannan ta kashe komi, don ba mahaluƙin da za a ce masa kuɗinsa sun yi yawa ya ci gaba da tafiya. Na gwada "ga canjinka", ita ma haka. "Ba daidai ba ne" gaskiya ce tsantsa a bakin yaron, amma a kunnen mai ciniki ma'anarta ɗaya: ana son ƙari. Ke nan rashin fahimtar farko ta haifi ta biyu daga cikinta, ba kamar kwaɗon tabki da aka ɗauko daga waje aka manna ba. Kalmar "dala" kuwa ba ta fito ba sai a layin ƙarshe, kuma ko a nan ba bayani ba ce, dattijo yana gudun faran ɗari huɗu nasa ne yana alfahari da wayonsa.

Wani a zaman ya ce me zai hana yaron ya soke kuɗin a aljihu ya yi shiru, ai ya fi ban dariya. Wataƙila a samu dariya, amma wata iri ce. Da zarar yaron ya gane kuma ya yi shiru, ya zama macuci, dattijo ya zama abin tausayi, kuma iyayen da za su zauna a daren nan ba za su so ganin an cuci tsoho ana tafi ba. Idan yaron ya bi shi da gudu, ba wanda ya yi laifi a cikinsu, kuma ƴan kallo na iya son su duka biyu. Haka nan ban yarda a sa kawu ya dawo ya warware ba. Ban da cewa ya zama mutum na uku, wanda ƙa'ida ta hana, bayani a ƙarshen wasan dariya kamar zuba ruwa ne a garwashi. Duk wanda ke zaune a ɗakin ya san dala tun yana goye, wa ake koya wa?

Ba zan ce nawa ba shi da rauni ba. Na farko, komi ya rataya a kan kwalin. Idan rubutun ƙarami ne, ko yaron ya ɗaga shi ya sauke da sauri, ƴan kallo su ma za su ji dala ɗari da hamsin kamar dattijo, sai wasan ya koma irin na ɗan'uwanmu. Dole a rubuta shi da gawayi ko babban alƙalami, a riƙe shi sakan biyu cur, kuma dattijo ya kasance yana juya kwaɗon a hannu, idonsa ba ya kan kwali. A rediyo wannan wasa ba zai yi ba sai an sake masa hanya. Na biyu, kayan da aka zaɓa. Da ashana ce ko sukari, dattijo ya san kuɗinsu kamar sunansa, zai gane akwai kuskure tun kalmar farko. Kwaɗo yana da iri-iri, akwai na banza akwai mai ƙarfi, mutum na iya yarda cewa wannan mai tsada ne. Duk da haka wani ɗan kasuwa a cikinmu ya ce dattijon da ya san kaya ba zai ba da dala ɗari a ƙaramin kwaɗo ba. Yana da hujja. Amsata ita ce ɗan wasan ya nuna mutum ne da ya fi son cin nasarar ciniki a kan duban kaya, irin wanda ke taya abu yana kallon fuskar mai saidawa. Ko hakan ya isa, sai an gwada gaban mutane.

Na uku, wasan na nan ne kawai. A Maraɗi, Damagaram ko Tawa ba sai an ce komi ba, kan kowa na ninka lamba da biyar kafin ya yi tunani. A Kano ƴan kallo za su tsaya tare da yaron, su ga dattijo ya taya ƙasa, yaro ya ƙi, ba abin dariya har sai kuɗi sun fito. Wannan bai dame ni ba, don ba Kano za mu kai shi ba. Abin da ya ɗan dame ni shi ne harshen mutanen biyu. Na sa dattijo ya ce "kwaɗon ga" da "ban ƙarawa", yaron kuma ya yi Kananci, don kunne ya riƙa tuna mana wane ne baƙo ba tare da an sake faɗi ba. Amma wanda zai yi yaron ɗan Gobir ne, kuma a gwaji na biyu sai da ya ce "Kawu ya tahi masallaci". Ya tafi, da "f" ɗinta, in ba haka ba baƙuncin ya zube tun layi na biyu, kuma ba wanda zai yarda cewa wannan yaro bai san dala ba.

Ga ɗan'uwanmu mai wasan kwaɗo: dala taka ce, kai ka tono ta, ni juya ta kawai na yi, kuma sunanka ne zai hau takardar shiri. In ka fi son baƙon ya zauna a matsayin mai saye, ba laifi, amma ka nemo hanyar da za mu san abin da ke kansa tun kafin ya buɗe baki ya taya, ka sauko da lambobinka ƙasa da jikka, ka kuma yanke daga inda mai tebur ya ce "bari in yi maka bayani". Ka zo da shi ran Asabar, ni zan riƙe agogo.